Zuwa ga Mamana, saura mako biyar JAMB

Assalamu alaikum, Mamana. Ina fata kina lafiya, ke da Gwaggonki da duk mutanen gidan. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi.

Gwaggo ta ce min ba kya kwanciya sai ƙarfe biyu na dare, kina ta bin littafin Kimistiri da jan biro. Da na tambaye ta ko ta taɓa ganin kin rufe littafin kin yi wa kanki tambaya, sai ta ce ita dai kullum a buɗe take ganinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na yi shekaru ina koyarwa a sakandare, na ga ɗalibai da yawa masu irin wannan karatun. Ido ya saba da shafi, mutum ya ji kamar ya iya, ranar jarrabawa kuma a neme shi a rasa.

Ki tuna yadda kika yi haddar izu biyar a Islamiyya. Malama ba ta taɓa karɓar hadda Alƙur'ani na buɗe a gabanki ba. Rufewa kike yi ki kawo da ka, inda kika kakare a ɗora ki, gobe a sake, bayan kwanaki kuma muraja'a ta dawo da ke kansa. To, boko ma haka yake. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada abin a kan kansa, ya wallafa a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta rage sauri, kuma duk lokacin da aka sake bita, abin yakan ƙara daɗewa a kai. Shi ya sa bitar farko take zuwa kusa, na baya kuma ana ƙara musu tazara.

Ga yadda za ki yi da kwana 35 ɗin da suka rage. A ce ranar Litinin kin karanta lissafin mol. Kafin ki tashi, ki yayyanka kwali ƙanana, ki rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. Tambaya ɗaya tak a kowane kati, kada ki kwafe rabin shafi. Talata ki ɗauko su ki amsa da baki kafin ki juya. Sai ki bar su har Juma'a. Daga nan sai Juma'a ta sama, sannan bayan mako biyu. Wato rana ta 1, ta 2, ta 5, ta 12 da ta 26. Katin da kika faɗi a kowane zango, ya koma farko, gobe ki sake shi. Gwangwanin madara huɗu sun ishe ki, ki rubuta musu "gobe", "kwana 3", "mako" da "mako biyu", ki riƙa sa ranar bita da fensir a gefen katin. Sabbin kati kada su wuce goma sha biyar a rana, domin nan da mako biyu tsofaffi za su riƙa haɗuwa da sababbi, in kika cika su sai su kayar da ke ki watsar da abin gaba ɗaya.

Za ki ji ranar Juma'ar nan amsa tana fitowa da ƙyar, har ki ce gara karatunki na da. Kada ki koma. Wannan ƙyar ɗin ita ce aikin. In kika ga kati yana zuwa miki nan take sau uku a jere, kin matsa masa da yawa, ki tura shi gaba. In kuwa kin ɗauko gwangwani kika faɗi rabinsa, tazarar ta yi tsawo, ko kuma tun farko ba ki fahimci darasin ba. Kati ba ya koyar da abin da ba a gane ba, sai dai ya riƙe wanda aka gane. Irin wannan ki koma littafi ko ki kai wa malami.

Yanzu tambayoyin shekarun baya, inda yara suka fi cutar kansu. Suna karanta tambaya, su leƙa amsa a bayan littafi, su gyaɗa kai su wuce. Ke ba haka za ki yi ba. JAMB tambaya 180 ce cikin sa'a biyu: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. In kin raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Duk Asabar da safe ki zauna da na shekara guda cikakke, ki sa agogo, ki ba Gwaggo wayarki ta riƙe. Da yamma ki yi maki, kuma yammar ta fi safiyar muhimmanci.

Bari na ba ki misali. An ce: giram 11 na CO₂ zai cika wane girma a s.t.p.? Nauyin mol ɗaya shi ne 12 a haɗa da 32, ya ba da 44. Raba 11 da 44, kin sami mol 0.25. Ninka da 22.4, amsa 5.6 dm³. To a ce ke 8.8 kika samu. Kada ki tsaya a "na faɗi", ki bi sawu. 8.8 tana fitowa ne in an raba da 28, wato kin lissafa O ɗaya maimakon biyu. Ashe kin san hanya, garaje ne ya kayar da ke, maganinsa kuma ki riƙa rubuta lissafin nauyin a takarda. Da a ce 22.4 ɗin ce ta ɓace miki, wannan mantuwa ce, sai ta shiga kati. Da kuma ba ki san ma ta ina za a fara ba, darasin ne babu, sai a koma masa Litinin. Ciwo uku ne, kowanne da maganinsa, kuma maki kaɗai ba zai gaya miki wanne ke damunki ba.

Bayan kwana uku ki sake tambayar, amma ki canza lambar, ki sa giram 22. In kika sami 11.2 kin iya. In kuwa abin da kike tunawa kawai shi ne "amsar C ce", to harafi kika haddace, kuma ranar jarrabawa C ɗin na iya zama wani abu dabam.

Ki yi hattara da amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa. Na taɓa shafe rabin darasi ina gardama da wani yaro a kan amsar da littafinsa ya buga ba daidai ba, shi kuwa ya rantse tunda an buga ta gaskiya ce. In lissafinki ya saɓa da nasu, ki duba littafin makaranta kafin ki yanke wa kanki hukunci. Ki kuma riƙe manhajar JAMB ta bana kusa, domin littafin labarin da ake tambaya a Turanci ana canza shi, tambayoyin tsohon ba za su amfane ki ba.

Makon ƙarshe kada ki buɗe sabon babi, babu sauran kwanakin da za a ba shi tazara. Gwangwanayenki da kurakuranki na Asabar su ne abincinki. Kafin nan ki je cibiyar kwamfuta ko sau biyu ne ki gwada, hannunki ya saba da danna N don gaba da P don baya. Kuma ki riƙa kwanciya ƙarfe goma. Abin da aka karanta da rana a cikin barci yake zama, na kuwa roƙi Gwaggo ta riƙa karɓe fitilar.

Na ba direba kwali da kuɗin cibiyar kwamfuta, zai iso Alhamis in sha Allahu. Asabar da dare ki kira ni ki faɗa min tambaya nawa kika faɗi a Kimistiri, da ciwon da ya kayar da kowacce. Ummanki tana gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin ledar na Gwaggo ne, ba naki ba.

Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinki