A daina ce wa matashi "ka nemi wani abokin"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin iyaye game da wani kuskure da nake yawan gani a matsayina na malamar makaranta, wato ɗaukar ɓatawar ɗan shekara goma sha huɗu da amininsa tamkar faɗan yaran da ke wasan ƙasa.

Ga yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, aboki shi ne wanda suke wasa tare a wannan lokacin, galibi ɗan maƙwabta ko wanda ke zaune kusa da shi a makarantar allo. Za su yi faɗa a kan 'yar tsana da safe, kafin azahar sun manta. Da ya kai shekara takwas zuwa goma, sai ramuwar alheri ta shigo: wanda ya gutsura maka rake yau, kai ma ka gutsura masa gobe, wanda kuma ya yi maguɗi a wasan langa a daina kula shi na ɗan lokaci. Masanin halayyar yara Robert Selman na Jami'ar Harvard ya bayyana waɗannan matakai a littafinsa na 1980, ya kuma nuna cewa abotar da ta ginu a kan amana da faɗa wa juna sirri tana kafuwa ne tsakanin shekara tara zuwa goma sha biyar.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ba mu ba shi muhimmancin da ya kamata. A ɗauki yarinyar da ke aji uku na ƙaramar sakandare, wadda ta faɗa wa ƙawarta cewa iyayenta suna shirin rabuwa, washegari kuma ta ji maganar a bakin 'yan aji. Abin da ta rasa ya wuce abokiyar wasa, domin ta rasa mutum ɗaya tilo da take iya buɗe wa cikinta, a shekarun da kunya ke hana ta faɗa wa uwarta abubuwa da yawa. Alamun kuwa ba sa ɓuya ga mai lura: takan daina fita lokacin tara, ta canja wurin zama, makinta ya yi ƙasa, ta riƙa ƙirƙiro ciwon kai da safe don kada ta je makaranta. Idan a wannan hali aka ce mata "ƙawaye ai suna da yawa", abin da za ta fahimta shi ne ba a gane ciwonta ba, kuma da wuya ta sake kawo kukanta gida.

Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne uwa ko yaya ta zauna da ita, ta tambaye ta abin da ya faru ba tare da zagin ƙawar ba, domin sau da yawa sukan shirya bayan 'yan makonni, kuma zagin sai ya zame mata abin jin nauyi. Idan keɓewar ta ɗauki tsawon zangon karatu, to a je a sami malamin ajin a tattauna.

Wassalam,
Wata malamar sakandare, Zariya.