Ranar da aka tuɓe Nastoriyus, wasu alƙalan suna kan hanya

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni mai sauraron shirinku na tarihin addinai ne, kuma na saurari wanda kuka yi a kan manyan majalisun Ikilisiya na farko. Baƙonku ya ce a Afisa, shekara ta 431, an taru an bincika, aka sami Nastoriyus da laifin raba Yesu Almasihu gida biyu, sai aka kore shi. Na daɗe ina karantar da wannan darasi a makarantar horar da masu wa'azi, ni ma haka na riƙa faɗa wa ɗalibai a shekaruna na farko. Abin yana damuna yanzu, domin yadda aka yi shari'ar ya kamata a faɗe shi tare da hukuncin.

A kan kalma ɗaya rigimar ta tashi. Kiristocin wancan zamani sun saba kiran Maryamu Tiyotokos, da Helenanci, wato wadda ta haifi Allah. Nastoriyus, wanda aka ɗauko daga Antakiya aka naɗa bishop na Kustantiniya a 428, ya ce gara a ce Kiristotokos, wadda ta haifi Almasihu. Tsoronsa shi ne kada a ɗauka allahntaka tana da ranar haihuwa, ko tana jin yunwa, ko tana mutuwa. Don haka yakan ware: wannan na mutuntaka ne, wancan na allahntaka. Siril, bishop na Iskandariya, nasa tsoron daban ne. Ya ce idan ka ware su haka, to wa ya mutu a kan gicciye? In mutum ne kawai wanda Allah ya zauna a cikinsa, ina ceton yake? A wurinsa wanda aka haifa a Baitalami da Kalman Allah na tun fil'azal ɗaya ne, ba biyu ba. Duk wanda ya zauna ya yi tunani zai ga kowannensu yana tsaron wani abu mai daraja ne. Ni dai a wannan gaɓa ina bayan Siril, kuma ban ɓoye ba.

Amma ga yadda aka yi. Sarki Tiyodosiyus na biyu ya kira taro a Afisa, aka sa ranar Fentikos, 7 ga Yuni 431. Yohanna na Antakiya da bishop-bishop na gabas, waɗanda su ne suka fi fahimtar irin maganar Nastoriyus, hanya ta riƙe su. Wakilan Roma ma ba su iso ba. Ranar 22 ga Yuni Siril ya buɗe zama. Kandidiyan, jami'in da sarki ya turo don tsare oda, ya ce a dakata, bishop 68 suka rubuta takardar rashin yarda, duk aka yi biris da su. Siril shi ne mai ƙara, shi ne kuma shugaban zama. An aika wa Nastoriyus sammaci sau uku, ya ƙi zuwa, ya ce sai kowa ya hallara. Kafin gari ya waye an tuɓe shi, bishop wajen 200 suka sa hannu, takardar da aka aika masa kuwa ta kira shi sabon Yahuza. Bayan 'yan kwanaki Yohanna ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ya tarar an gama. Ya tara nasa mutanen, su arba'in da 'yan kai, suka tuɓe Siril da Memnon bishop na Afisa. Sarki ya rasa na yi, ya amince da tuɓe dukansu uku, aka tsare su.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni kunya in karanta a gaban aji. Akwai jerin kyaututtukan da aka aika wa fadawan sarki daga ɓangaren Siril, ya wanzu har yau: dardumai, kujerun hauren giwa, jiminai, da zinariya mai yawa. Siril ya koma kujerarsa a Iskandariya. Nastoriyus ya koma gidan sufayen da ya fito kusa da Antakiya.

A 433 Siril da Yohanna suka shirya a kan wata takarda da ta karɓi kalmar Tiyotokos, ta kuma yi maganar haɗuwar ɗabi'u biyu, wanda salon Antakiya ne. An yi sulhu ke nan, amma da sharaɗin a bar Nastoriyus a waje. A 435 doka ta fito cewa a ƙone littattafansa, mabiyansa kuma a daina kiransu Kirista, a riƙa jingina su ga Saminu mai sihiri na cikin Ayyukan Manzanni. Nastoriyus kansa aka kai shi can cikin hamadar Masar, wurin da ake kira Karga a yau. Mahara suka taɓa kama shi a can, jami'ai suka yi ta jan tsoho daga wannan wuri zuwa wancan, har ya mutu a gudun hijira.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Mai tarihi Sokaratis ya ruwaito cewa Nastoriyus a hudubarsa ta farko ya ce wa sarki ya ba shi ƙasa wadda aka share daga 'yan bidi'a, shi kuma zai ba shi sama. Cikin kwana biyar da naɗinsa ya tasar wa ɗakin sujadar mabiyan Ariyus, malamin da ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, wurin ya ƙare da gobara. Sandar da ya ɗaga wa wasu ita ce ta sauka a kansa. Tun daga majalisar Nikiya a 325, lokacin da Sarki Kustantin ya kori Ariyus ya sa a ƙone rubuce-rubucensa, hukuncin majalisa ya zama dokar daula, wanda ya faɗi a muhawara sai soja ya raka shi.

Shekara ashirin bayan Afisa, a 451, majalisar Kalsidon ta ce Almasihu ɗaya ne cikin ɗabi'u biyu, ba cakuɗuwa, ba sauyawa, ba rabuwa, ba warewa. Kalmomi biyun farko suna tsare abin da Antakiya take tsoro, biyun ƙarshe suna tsare na Iskandariya. Duk da haka aka sake la'antar Nastoriyus, aka kuma tuɓe Diyoskoros, magajin Siril, aka kore shi zuwa Gangara. Kibɗawan Masar ba su karɓi wannan hukunci ba, haka Ikilisiyar Habasha, har gobe. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gano littafin da Nastoriyus ya rubuta a hamada yana kāre kansa, cikin fassarar Suriyanci. A ciki ya musanta cewa yana koyar da 'ya'ya biyu, ya kuma nuna yana ganin koyarwar Liyo, bishop na Roma, ta yi daidai da tasa, alhali wasiƙar Liyon ce Kalsidon ta dogara da ita. Masana suna ta gardama ko bayaninsa ya wadatar. Amma a 1994 Fafaroma Yohanna Bulus na biyu da Mar Dinka na huɗu, shugaban Ikilisiyar Gabas ta Assuriyawa wadda aka daɗe ana laƙaba wa sunan Nastoriyus, suka sa hannu a takarda ɗaya cewa bangaskiyarsu game da Almasihu ɗaya ce, kowa kuma ya girmama yadda ɗan'uwansa yake kiran Maryamu.

Roƙona, Malam Edita, ku sake gayyato baƙon nan ku ba Afisa shiri guda cikakke. Ku tambaye shi ranar da aka buɗe zaman, da waɗanda ba su iso ba, da abin da aka aika fada.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin tarihin Ikilisiya, daga Zariya