Fayil ɗina ya lalace, saura kwana huɗu in gabatar

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe. Ni da abokiyar aikina mun haɗa silaid 48 a PowerPoint, kuma saura kwana huɗu mu tsaya gaban malamai. Daren jiya ina tsaka da adana aikin a kan filash batirin kwamfutata ya mutu. Da na kunna, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa sai da na danna Repair. Ya buɗe, amma silaid tara na ƙarshe sun koma fari fat, ba rubutu ba hoto.

Ba zan ɓoye laifina ba. Da na fara buɗe manhajar, akwatin Document Recovery ya fito a gefen hagu ɗauke da wani kwafi. Cikin ruɗewa na rufe shi, na ce ba na buƙata. Sai daga baya na gane cewa wannan ne kwafin da AutoRecover ke ajiyewa duk bayan minti 10. Na garzaya File, Info, Manage Presentation, na danna Recover Unsaved Presentations, babu komai a ciki. Ni a zatona AutoSave na yi mini gadi, ashe ba ya aiki a kan filash, sai fayil yana zaune a OneDrive ko SharePoint.

Yayana ya hana ni sake taɓa ainihin fayil ɗin. Ya kwafe shi, ya sauya ƙarshen sunan kwafin daga .pptx zuwa .zip, ya buɗe. Hotunan da suka ɓace suna nan lafiya lau a cikin `ppt/media`. Rubutun ne dai ba mu iya cirowa ba.

Abin da ya rage mini shi ne OneDrive, inda muka yi aikin har zuwa Litinin kafin in kwashe shi zuwa filash. A Version History na ga sigar Litinin mai silaid 39, amma ranar Talata abokiyata ta shiga ta gyara jadawalin alƙaluma, ta kuma goge silaid biyar bisa kuskure.

To Malam, idan na danna Restore a kan sigar Litinin, gyaran da ta yi ranar Talata zai kauce daga gabanmu, ita kuwa ta sha wahalarsa. Shin ya fi in buɗe tsohuwar sigar in ajiye ta da wani suna, in kwaso silaid biyar ɗin in zuba a ta Talata? Tara ɗin nan kuma, akwai inda kwafin da na rufe zai iya maƙalewa, ko in haƙura in sake rubuta su tunda hotunan na hannu? Kwana ɗaya zai ishe ni, kuma na riga na ɓata rabinsa wajen nema.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗalibarka mai sauraron shirinka kullum