Sanarwa kan danshi da funfuna a ɗakin kwana

Assalamu alaikum, maƙwabta da masu kula da gidanmu. Ina kawo ƙorafi ne kan ɗakin kwanan yarana, domin abin ya kai intaha.

Wata uku ke nan bangon da ke bayan gado bai bushe ba. Funfuna baƙa ta mamaye kusurwar, fenti na ɓarewa, har katifa ta ɗauki wari. Sau biyu ina gogewa da bilic, amma kafin mako biyu ta dawo.

Ƙaramar 'yata tana da asma. Tun da abin ya fara take kwana tana tari, ƙirjinta na ƙara, hanci a toshe. Da ta yi kwana huɗu a falo, sai tarin ya lafa. Likita ya ce kada ta ƙara kwana a ɗakin.

Na manna leda a bangon, na liƙe gefunanta da salatif na kwana biyu. Da na cire, gefen da ke manne da bango ne ya jiƙe, wato ruwan daga cikin bango yake fitowa, ba daga iskar ɗaki ba. Banɗaki ne a bayan bangon, shi ya sa nake zargin famfo na yoyo.

Ku yi wa Allah kada a sake turo mai fenti, rufe abin kawai zai yi. A kawo mai gyaran famfo ya toshe yoyon, a kankare filastar da ta lalace, a bar bangon ya bushe sarai kafin a shafe. Ina roƙon a sa mini rana cikin makon nan. Duk wanda yake ganin irin haka a ɗakinsa ya yi magana, a duba tare.