Sau uku ana dawo mini da babin farko: ina neman shawara kan shimfiɗa da bayanin matsalar bincike

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma ta Jihar Katsina, shekarata 11 ina koyarwa, yawanci a aji uku. Yanzu ina karatun digiri na biyu a fannin ilimi, na gama darussan aji, saura bincike. A nan ne na maƙale. Wata biyar ke nan ina fama da sassa biyu na farkon furofozal, wato shimfiɗar bincike da bayanin matsalar bincike, kuma sau uku malamin da ke duba aikina yana dawo mini da su. Mutumin kirki ne, amma ɗalibai sun yi masa yawa, gyaran da yake yi bai wuce ƴan kalmomi da jan biro a gefen takarda ba. Tun da ina jin yadda kake warware wa ɗalibai irin waɗannan abubuwa a shirinka, na ga gara in shimfiɗa maka komai yadda ya faru.

Abin da ya kai ni ga batun shi ne ajina. Yara 78 ne a rajista. Idan na rubuta jimla a allo na karanta, suna bi na da murya ɗaya har sai an jiyo su daga ofishin hedimasta. Amma idan na kira yaro ɗaya na nuna masa kalma a tsakiyar jimlar, sai ya yi shiru, ko ya koma farko ya rero ta daga ka. Wata rana na rubuta ɗan gajeren labari na Hausa a takarda, na zaɓi yara 40, na ba kowa minti ɗaya, ina ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, irin yadda aka koya mana a wata bita. Yara 23 ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Hausa ce fa, harshen da suke magana da shi a gida. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Da na zauna rubuta shimfiɗa a karo na farko, sai na ɗauko ta tun daga tushe. Na fara da ma'anar ilimi a bakin masana uku. Na shiga zuwan ƴan mishan Badagiri a 1842, na gangaro makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, na zo kan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, har zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Shafi bakwai. Malamina ya ja layi daga shafi na ɗaya zuwa na biyar, ya rubuta cewa wannan tarihi ne, kuma har ya kai shafi na shida bai san abin da zan bincika ba. Da farko abin ya yi mini ciwo, domin na sha wahalar tattaro su. Daga baya na sake karantawa na ga gaskiyarsa: waɗannan shafuka biyar za su iya zama shimfiɗar wanda ke bincike kan albashin malamai ko kan ginin ajujuwa, ba tare da an sauya ko wasali ba.

A karo na biyu na rage ta zuwa shafi uku, na tsara ta kamar mazurari, daga faɗi zuwa tsukuku. Na fara da cewa yaron da bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku zai sha wuya a kowane darasi daga aji huɗu, domin daga nan littafi ne ke koyar da shi. Sai na kawo manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, da tanadinta na koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, Turanci ya karɓa daga baya. Na ambaci gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida. Na zo kan shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara don koyar da karatu da lissafi da Hausa. Daga nan na sauko kan ƙaramar hukumarmu. Wannan karon bai soke shimfiɗar ba, sai dai ya yi alamar tambaya a wurare biyu inda na ce yara da yawa ba sa iya karatu ban faɗi wanda ya auna ba, ko yaushe, ko a ina.

Bayanin matsalar ne ya fi shan jan biro. Ga abin da na rubuta, a fassare: "Matsalar wannan bincike ita ce rashin littattafan karatu da cunkoson ajujuwa da ƙarancin ƙwararrun malamai, waɗanda suka jawo taɓarɓarewar ilimi a makarantun firamare." Ya rubuta a ƙasa: idan kin riga kin san sanadin, me za ki bincika? Wannan tambayar ta zauna mini a rai kwana da kwanaki. Na gane cewa na haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai matsalar makaranta, wadda kuɗi da littattafai da ƙarin malamai za su magance. Akwai kuma matsalar bincike, wadda ita wani abu ne da ba mu sani ba, wanda sai an je an tattaro bayani za a sani. Ni kuwa na rubuta ƙorafin da muke yi kullum a ɗakin malamai, na kira shi matsalar bincike. Har ila yau kalmar taɓarɓarewar ilimi ba ta aunuwa. Ba wanda zai iya cewa ga inda ta fara ga inda ta ƙare.

Abin da ya buɗe mini ido wata ƙawata ce da ke koyar da aji uku a wata makaranta da ba ta wuce tafiyar rabin awa daga tamu ba. Ajinta ya cika kamar nawa, duk mun ninka adadin yara 35 ga malami ɗaya da manufar ilimi ta tanada, kuma littattafanta ba su fi nawa ba. Na ba ta labarin nan ta gwada yara 40, sai 11 kawai suka kasa karanta komai. Na je na zauna a bayan ajinta. Ita tana ware kamar minti goma a kowane darasi, yara su zauna biyu-biyu, ɗaya na karantawa yana bin kalma da yatsa, ɗaya na saurare. Ni kuma kusan duk lokacin darasina yana tafiya ne a bi-ni-in-bi-ka. Na san aji biyu ba sa zama hujja, kuma mai yiwuwa ne yaranta sun samu malamin kirki tun a aji ɗaya. Amma a nan na ga tambayar da ban san amsarta ba da gaske.

Sai na sake rubuta bayanin matsalar a sakin layi uku. Na farko ya faɗi abin da ya kamata: manhaja na sa ran yaro ya iya karanta gajeren labari da harshen yankinsa kafin ya bar aji uku. Na biyu ya faɗi abin da ke ƙasa: yara da dama a makarantun ƙaramar hukumar suna kammala aji uku ba sa iya karanta kalma, kuma abin ya bambanta tsakanin makarantun da cunkosonsu da kayan aikinsu kusan ɗaya ne. Na uku ya faɗi giɓin: ba a san yadda malamai ke kasafta mintocin darasin karatu tsakanin maimaitawa da murya ɗaya da karatun yaro shi kaɗai ba, ba a kuma san ko wannan kasafi na da alaƙa da yawan kalmomin da yaro ke karantawa daidai a minti ɗaya ba. Daga nan tambayoyin bincike biyu suka fito da kansu, abin da a da sai na yi ta lalube. Wannan karon malamina ya rubuta cewa na kama hanya, amma ya kewaye kalmomin "ba a san" ya tambaya: wa ya ce ba a sani ba?

To Malam, a nan nake buƙatar taimakonka. Yaya mutum ke tabbatar da giɓi da gaskiya? Na duba kundaye 14 a laburaren sashenmu da wasu maƙaloli da na samu a intanet. Mafi yawansu sun raba wa malamai takardar tambayoyi ne suna neman ra'ayinsu kan dalilan rashin iya karatu. Ban ci karo da wanda ya zauna a aji da agogo yana auna lokaci ba. Amma rashin ganina ba ya nufin babu. Ina tsoron in tsaya gaban malamai ranar kare furofozal in ce ba a taɓa yi ba, wani ya ɗauko aikin da aka yi a Zariya ko Sakkwato ya ajiye mini. Shin ya isa in ce daga ayyukan da na duba, in faɗi yawansu da irin hanyar da suka bi? Kuma nawa daga cikin wannan zai shiga bayanin matsala, nawa zan bari sai babi na biyu, wurin bitar ayyukan da suka gabata? Duk lokacin da na sa su a gaba, shafi ɗayan nan sai ya kumbura ya zama uku.

Sai maganar ɗan gwajin da na yi. Yara 40 nawa da 40 na ƙawata su ne suka haifar da binciken gaba ɗaya, amma ni na rubuta labarin, ni na zaɓi yaran, ba wata ƙa'idar zaɓe da na bi. Wani abokin karatuna ya ce in cire shi baki ɗaya, domin abin da ba a wallafa ba ba ya shiga shimfiɗa. Wata kuma ta ce in bar shi in kira shi binciken share fage, in faɗi rauninsa a fili. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyu, domin in na cire shi ban da abin da zan nuna cewa matsalar tana nan a ƙaramar hukumarmu, sai rahotannin da suka yi magana kan jiha ko ƙasa baki ɗaya. Wanne ka ga ya fi?

Akwai kuma manufar harshe. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Shimfiɗata ta jingina da tanadin koyarwa da harshen gida. Ni a ganina tambayata ba ta mutu ba, domin har yanzu da Hausa yaranmu ke fahimtar abin da ake faɗa musu, kuma bi-ni-in-bi-ka tana nan ko da wane harshe ake darasi. Sai dai ban san ko in ba wannan sauyi sakin layi guda in wuce ba, ko kuwa ya zama dole in sake gina sakin layin farko na bayanin matsalar a kan wani abin daban.

An sa mana ranar kare furofozal nan da mako shida, kuma dole malamina ya sa hannu mako biyu kafin nan. Idan za ka amsa a shiri, ina roƙon ka fara da maganar giɓin, ita ce ta fi hana ni barci. Na san akwai ƴan ajinmu aƙalla huɗu da ke saurare, su ma a nan suka tsaya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
Malamar aji uku, daga Jihar Katsina