Shanya a rana ba ta tsarkake hatsin da ambaliya ta jiƙa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da muka gani a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, wanda kuma ake maimaitawa duk inda ruwa ya ci kasuwa. Da ruwa ya janye sai a farke buhunan shinkafa da masara da wake, a baza su bisa tamfol a bakin titi, in sun bushe a mayar da su kwano a karya farashi. Ban ga laifin ɗan kasuwar da jarinsa ya nutse ba, amma mai saye ya san abin da yake kai wa iyalinsa.

Ruwan ambaliya ya bi ta masai da kwata da garejin kanikawa da shagon maganin feshi kafin ya shiga buhu. Rana za ta busar da danshin, ƙazantar kuwa tana nan. Wani zai ce ai wuta za ta kashe komai. Tafasa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, gaskiya ne, amma ba ta fitar da fetur ko maganin ƙwari. Ga kuma masara da gyaɗar da suka kwana biyu a jiƙe: suna yin hunhuna, hunhunar nan kan haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. In hatsi ya dunƙule, ko ya canza launi, ko yana warin ruma, a bar shi. Kada ma a ba shanu, don gubar tana fitowa a nono.

Fiya wata ma abin zubarwa ce, tunda da haƙori muke fasa ledar da ta yi iyo a ƙazanta. Haka lemon kwalba da na roba, domin laka tana maƙalewa a ƙarƙashin murfi inda wanki ba ya kaiwa.

Abin da za a iya ceta shi ne gwangwanin da ba a buɗe ba, kamar na tumatir ko madara ko kifi, muddin bai kumbura ba, bai lotse ba, bai yi tsatsa ba. A cire takardar jikinsa, a wanke shi da sabulu, a ɗauraye, a nutsa shi a tafasasshen ruwa minti 2, a bar shi ya bushe a iska kafin a buɗe.

Roƙona ga duba-gari da shugabannin kasuwa shi ne su zagaya rumfuna tun ranar da ruwa ya janye. Gwamnati kuma ta riƙa karɓar jiƙaƙƙen hatsin tana biyan masu shi wani abu kafin a binne shi, don wanda ba a biya ba, shanyawa zai yi ya sayar.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Maiduguri