Saƙon tallan da ka turo in duba maka

Assalamu alaikum, aboki na.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma harkoki suna tafiya. Na ga saƙon tallan takalman da ka turo, na kuma ji kukanka cewa mutum kusan 200 kake aika wa amma amsa sai ɗaya-ɗaya, har wata da ta daɗe tana sayayya a wajenka ta kira tana tambaya ko an kutsa lambarka ne. Abin ya dame ni, don na san kayanka masu kyau ne, kuma ba ka cutar kowa.

Kafin mu taɓa rubutun, duba ko saƙon yana isa ma. Ƙa'idar WhatsApp ita ce, saƙon da aka aika ta jerin Broadcast, wato jerin da ke kai saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, ba ya shiga wayar kowa sai wanda ya adana lambarka a tasa wayar. Kai ka adana tasa bai wadatar ba. Shiga jerin, danna saƙon ƙarshe ka riƙe, ka zaɓi Info. Zai nuna maka waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka karanta. Wanda kwana biyu suka wuce saƙon bai isa gare shi ba, mafi yawanci bai adana lambarka ba ne, ko da yake yana yiwuwa ya toshe ka ko ya bar amfani da layin. Irin waɗannan, ko da ruwan zinare ka rubuta tallan ba za su gani ba. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ranar da suka sayi kaya ka ce su adana lambar nan take, ka gaya musu dalili. Sannan kada ka dogara kacokan da shuɗiyar alamar nan mai nuna an karanta saƙo, domin wasu sun kashe ta, suna karantawa ba ka sani ba.

To, sai mu zo kan waɗanda saƙon ya isa gare su suka yi shiru. Ga yadda ka fara: "DAMA TA SAMU!!! GARAƁASA! GARAƁASA!! Ya ku abokan cinikinmu masu daraja..." sai hotunan wuta da na ƙararrawa jere. Ka tuna yawancin mutane ba buɗe saƙo suke fara yi ba. Ɗan abin da ya leƙo a saman fuskar waya suke gani, layi ɗaya ko biyu, a nan suke yanke shawarar buɗewa ko sharewa. Kai kuwa ka ƙarar da wannan ɗan filin ba ka faɗi ko wane ne kai ba, ba ka faɗi me kake sayarwa ba. Sunanka sai a layi na ƙarshe, ga tsawon saƙon ya sa WhatsApp ya yanke shi da Read more, ke nan wanda bai danna ba bai ma kai ga sunan ba.

Abubuwa biyu ne suka fi sa baiwar Allahn nan ta zaci 'yan damfara ne. Na farko, gajeren adireshin nan na bit.ly. Mutum ba ya iya ganin inda zai kai shi, kuma da irinsa ake yaudarar jama'a da kyautar ƙarya, saboda haka duk mai hankali yana gudunsa. Na biyu, kalmar Forwarded da ke saman saƙon, wadda ta nuna daga wani wuri ka turo shi ba rubutawa ka yi ba. Ga shi kuma ka ƙara da roƙon a tura wa mutum 10. Wannan roƙon ka cire shi gaba ɗaya. Saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye a jere, WhatsApp yana liƙa masa Forwarded many times, kuma daga nan ba a iya tura shi sai ga mutum ɗaya a lokaci guda. Ban ga ribar da za ka ci da wannan tambarin a kan sunanka ba.

Ga yadda na sake shi:

"Salamu alaikum, wane ne mai takalma. Baƙin takalmin fata na maza da ya ƙare watan jiya ya dawo, lamba 40 zuwa 44. Ga hotonsa, farashi yana jiki. In kana so, turo mini lambar ƙafarka in ajiye maka zuwa Alhamis. In ba ka son irin wannan saƙo, rubuto 'a daina', zan cire ka."

Ka sa sunan da suka san ka da shi a wurin "wane", ba sunan da ke kan takardar rajista ba. Na zaɓi kaya ɗaya tak daga cikin bakwai da ka jera, domin wanda aka zube wa kaya bakwai yakan ce sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa. Hoto ma ɗaya, wanda kai ka ɗauka da wayarka, ka rubuta saƙon a ƙasansa don su tafi tare. Babu adireshin da za a danna, tunda amsar saƙon Broadcast kai tsaye take dawo maka, kai kaɗai, sauran mutanen jerin ba sa gani. Abin da ka nema kuma ƙarami ne, lambobi biyu mutum zai buga ya aiko. Ranar Alhamis ɗin kuwa ta zama gaskiya. In ka ce za ka ajiye, ka ajiye; in ranar ta wuce, ka sayar.

Na san layin ƙarshe ne zai yi maka nauyi, za ka ce ya za a yi ka nuna wa mai saye ƙofar fita. Amma wanda ya gaji da saƙonka, in bai samu hanya mai sauƙi ba, Block zai danna, ko Report. Idan ya kai ƙara, saƙonni biyar na ƙarshe da ka aika masa suna zuwa hannun WhatsApp, kuma ƙorafi in ya yawaita ana iya rufe lambar. Lambar da duk cinikinka yake kanta! Gara mutum biyar su ce a daina, ka cire su a ranar, kuna mutunci.

Wannan saƙon ba na kowa da kowa ba ne, kuma nan ne aikin yake. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma ba dole ka cika shi ba. Jerin Broadcast ba ya sa sunan kowane mutum a saƙonsa, saboda haka abin da zai sa ya ji da shi kake magana shi ne kayan su dace da shi. Raba jerinka: masu sayen na maza, masu sayen na mata, masu saya wa yara. Haka zai ba ka damar cewa "kana so" ko "kina so" maimakon "ya ku jama'a". In WhatsApp Business kake amfani da shi, yi wa kowa alama bisa abin da ya taɓa saya, rabon zai zo da sauƙi. Kuma bar turawa kullum. Sai in da sabon abu, sau ɗaya a mako ya isa, da rana, ba lokacin da mutane suka kwanta ba.

Fara gwadawa da masu sayen na maza kawai. Bayan kwana biyu ka koma Info ka ƙirga abu uku: nawa ya isa, nawa suka karanta, nawa suka amsa. In ya isa ba a buɗe ba, layin farko za mu gyara, ko lokacin aikawa. In an karanta ba a amsa ba, to matsalar ta bar rubutu, ta koma kan kayan ko farashin ko mutanen da ka zaɓa.

Turo mini waɗannan alƙaluman, tare da saƙon da za ka rubuta wa masu sayen na mata, in duba kafin ka aika. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka har kullum,
abokinka.